Sana'ar Ɗora Murya Daga Gida: Gyaran Ɗaki Ya Riga Sayen Makirufo

A 'yan shekarun nan babu tambayar da ɗalibaina suka fi yi mini bayan an tashi daga lacca kamar wannan: “Malam, wane makirufo zan saya?” Masu tambayar galibi matasa ne da aka daɗe ana yaba wa muryarsu. Wani shi ke gabatarwa a taron ƙungiyar ɗalibai, wata tun tana firamare ita ake miƙa wa littafi ta karanta wa aji, sun kuma ji cewa ana biyan kuɗi a kan ɗora murya a talla da sanarwa da fassarar fim. Tambayar tana da kyau, sai dai ta zo kafin lokacinta. Na shafe shekaru ina karanta sanarwa da gajerun shirye-shirye daga wani ɗan ɗaki a gidana, a gefen aikin koyarwa, kuma abin da na gani shi ne, a cikin abubuwan da ke sa a karɓi aikin mutum ko a dawo masa da shi, makirufo ne na uku. Ɗaki ne na farko, tazarar baki da makirufo ta biyu.

Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya taɓa tsayawa a sabon gida da ba a zuba kaya ba ya yi magana. Murya idan ta fita daga baki ba makirufo kaɗai take nufa ba. Tana bugun bango, ta bugi tayil, ta bugi silin da gilashin taga, sannan ta dawo ta shiga makirufo a makare da ɗan ƙanƙanen lokaci. Kunnen mutum da ƙwaƙwalwarsa sun saba tace wannan amsa-kuwwa, shi ya sa ba ma jin ta a hirar yau da kullum. Makirufo kuwa ba ya tacewa, duk abin da ya iso gare shi ɗauka yake yi. Irin ginin da muke alfahari da shi a yau, bulo da siminti da filasta mai santsi da tayil a ƙasa, shi ne mafi munin wurin ɗaukar murya, domin babu abin da ke shanye sauti a cikinsa. Abin ban dariya shi ne, tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango, wanda aka shimfiɗa wa tabarma da darduma, ga gado ga akwatunan tufafi, ya fi falon zamani dacewa da wannan aiki nesa ba kusa ba. Wanda ya sayi makirufo mai tsada ya kafa shi a falo mai tayil, abin da ya saya shi ne na'urar da za ta ɗauko aibin ɗakinsa da kyau fiye da mai araha.

Gwajin ɗaki ba ya cin ko kwabo. Ka tsaya a inda kake niyyar zama, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ka saurara. In tafin ya mutu nan take, ɗakin yana da dama. In kuwa ka ji wani siririn amo ya biyo baya, kamar an taɓa kwanon sha, to wannan amon zai bi kowace kalma da za ka furta. Mai ba da aiki ba zai ce maka akwai amsa-kuwwa ba. Cewa zai yi muryar kamar daga banɗaki aka ɗauko ta, ko kuma ya yi shiru, ka daina jin ɗuriyarsa.

A nan akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, kuma cakuɗa su ne ke sa matasa asarar kuɗi. Hana ƙarar waje shigowa daban, kashe amsa-kuwwar cikin ɗaki daban. Na farko nauyi yake buƙata, wato bango mai kauri, ƙofa mai nauyi, da toshe duk wata kafa da iska ke bi. Na biyu kuwa taushi da kauri yake buƙata, abin da sauti zai nutse a cikinsa ya kasa fitowa. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya yin ko ɗaya daga cikin biyun yadda ya kamata. Ba shi da nauyin da zai tare ƙarar janaretan maƙwabci, ba shi kuma da kaurin da zai shanye murya. Ya yi kama ne kawai da soson da ake gani a hotunan situdiyo, kuma kama da wane ba ta wane. Shi kansa siririn soson da ake sayarwa, sautin sama-sama kawai yake kamawa, ya bar kaurin muryar yana yawo a ɗaki, sai sakamakon ya fito a dushe kamar mutum yana magana a cikin kwali.

Abin da ke aiki yana nan a kowane gida: katifa, bargo mai kauri, darduma, da tufafi. Yadda nake shirya nawa wurin shi ne, ina buɗe ƙofofin wadirob ɗin da ke cike da manyan riguna in fuskance shi, makirufo yana tsakanina da tufafin. Ta haka muryar da ta wuce makirufo takan nutse cikin shadda da yadi maimakon ta bugi bango. A bayana kuma ina jingina katifa a tsaye. Wannan ta bayan ita ce mutane suka fi mantawa da ita, alhali ta fi muhimmanci, saboda makirufo irin wanda ake amfani da shi a wannan aiki gabansa ya fi ji, kuma gaban nasa yana kallon mai magana ne da bangon da ke bayansa. Duk abin da ya dawo daga wannan bango kai tsaye zai faɗa masa. Sai darduma a ƙasa, da bargo a kan teburi idan akwai teburi, domin shi ma katako yana mayar da sauti. Shiryawar ba ta wuce minti biyar, kuma idan an gama kowane kaya ya koma mazauninsa, uwargida ba ta da abin cewa.

Ƙarar waje kuwa ba a yaƙar ta da kayan gida, kauce mata ake yi, kuma kaucewar ilimin sanin unguwa ce. Kowace unguwa tana da sa'o'in shirunta. A tawa, shirun da ya fi tsawo yana farawa ne bayan sha biyun dare, lokacin da masu janareta suka kashe, zuwa kiran assalatu. Akwai kuma ɗan tsakani bayan an fito daga sallar asuba kafin 'yan makaranta da masu adaidaita-sahu su cika titi. Da damina, mai rufin kwano ya haƙura har ruwa ya ɗauke. Fanka dole a kashe ta, haka firji idan yana kusa, kuma wannan shi ne ainihin wahalar sana'ar a watan Afrilu, lokacin da mutum zai zauna tsakanin katifa da tufafi babu iska. Maganin shi ne a yi aikin guntu-guntu, minti goma ana ɗauka, a fito a sha iska a sha ruwa, a koma. Da hunturu kuma bushewar baki ce matsala, domin leɓe da harshe suna yin wani ɗan ƙas-ƙas da makirufo ke ɗaukowa tsaf. Ruwa mai ɗumi a kusa yana rage shi. Da azumi na fi son in yi ɗauka bayan tarawihi, saboda wannan dalili.

Akwai wata ƙara da ba daga waje take zuwa ba, ba kuma a jin ta a ɗakin sai an saurari abin da aka ɗauka: wani gurnani mai kauri da ba ya yankewa. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma caja mara kyau ko wayar wuta da ba a haɗa da ƙasa ba tana shigar da wannan gurnani cikin sautin. Gane shi abu ne mai sauƙi. Ka zare cajar kwamfuta ka sake ɗauka a kan batir. Idan gurnanin ya ɓace, ka kama ɓarawon. Mai ɗauka da wayar hannu kuma ya rufe layinta gaba ɗaya kafin ya fara, don kada kira ya katse shi ko siginar ta shiga sautin.

Yanzu sai tazara, wadda ita ce gyara mafi girma da ake samu kyauta. Ka'idar ita ce, duk lokacin da ka rage nisan bakinka da makirufo da rabi, ƙarfin muryarka a cikinsa yana ƙaruwa da kusan desibel 6, alhali ƙarar ɗaki da ta titi suna nan yadda suke. Ke nan matsowa kusa yana ɗaga murya sama da hayaniya ba tare da an taɓa komai ba. Tazarar da na fi amfani da ita ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, wato santimita 10 zuwa 15. Sai dai kusanci yana da nasa haraji, kuma Hausa tana biyan sa fiye da yadda ake zato. Harafin “f” a bakin Bahaushe da leɓɓa biyu ake furta shi, yana fitowa da hucin iska, haka ma “b”. Kalmomi irin su “farko” da “faɗakarwa” da “fata” suna jefa iska kai tsaye cikin makirufo, a ji wani bum mai ɓata kalmar. Magani biyu ne. A karkatar da makirufo kaɗan zuwa gefen baki yadda iskar za ta wuce ta gabansa, sannan a sa matacin iska tsakani. Ba sai an saya ba: zoben tsohuwar rariya da aka ɗaure wa siririn yadi mai shara-shara yana yin aikin.

Sai bayan wannan duka nake amsa tambayar makirufo. Iri biyu ne a kasuwa, dainamik da kwandensa. Kwandensa ya fi jin ƙananan sautuka, shi ne ake gani a manyan situdiyo, kuma shi ne matasa suka fi sha'awa saboda kyan siffarsa. Mai arahar da ya cika shaguna, wanda ake rubuta wa BM-800, irinsa ne, kuma ba ya ba da abin kirki idan aka soka shi kai tsaye a kwamfuta ba tare da na'urar da za ta ba shi wutar da yake buƙata ba. Dainamik kuwa an yi shi ne don a yi magana dab da shi, saboda haka ya fi yafe wa ɗaki mai hayaniya. Ga gida irin namu shi nake ba da shawara, musamman wanda ake haɗawa ta USB ba sai an sayi wata na'ura a tsakani ba, irin Samson Q2U ko Audio-Technica ATR2100x. Wanda bai kai ga wannan ba ya fara da wayarsa. Wayar zamani a cikin wadirob, a tazarar tafin hannu, ta fi makirufo mai tsada a falo mai tayil. Abin da ba a yi masa rowa shi ne abin sauraro mai rufe kunne, domin lasifikar waya ba ta fitar da gurnani mai kauri, sai mutum ya aika aiki da aibin da bai taɓa ji ba.

Bari in kawo aiki guda a bi shi daki-daki. Wata tsohuwar ɗalibata ta samu aikin karanta sanarwar minti ɗaya a kan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 a kowane wata na damina. Ta ɗauka ta aika, aka dawo mata da shi da cewa sautin bai yi ba, babu wani ƙarin bayani. Ta kawo mini muka buɗe shi a Audacity, manhajar gyaran sauti da ake saukewa kyauta.

Ma'aunin sauti a irin wannan manhaja daga sama yake farawa. Sifili shi ne iyaka, wanda idan murya ta taɓa shi sai ta fashe, kuma fashewar ba ta gyaruwa. Duk abin da ke ƙasa da shi da alamar ragi ake rubuta shi, saboda haka -60 ya fi -40 shiru. Lambobi biyu kawai muka duba: inda muryarta ta fi ƙarfi, da kuma inda ma'aunin yake tsayawa idan ta yi shiru. Muryar tana kaiwa -20, shirun yana kan -55. Tsakaninsu 35 ke nan. Da ta ga muryar ta yi ƙasa, sai ta ɗaga ta zuwa -3 kafin ta aika, wato ta ƙara 17. Amma manhaja ba ta san murya daban, hayaniya daban ba, duka take ɗagawa tare. Shirun nata ya tashi daga -55 zuwa -38, inda kowa zai ji fanka tana shuuu a bayan kowace jimla. Ma'aunin da aka fi kafa hujja da shi a wannan fanni shi ne na ACX, dandalin littattafan saurare na kamfanin Audible, wanda ya ce kada ƙololuwar murya ta wuce -3, kada kuma shiru ya haura -60. Dandalin ba ya karɓar masu karatu mazauna Nijeriya, amma awon nasa ya zama abin gwada kai ga kowa.

Da na tambaye ta yadda ta zauna, sai ta ce makirufo yana kan teburi, ita tana jingine a kujera, nisan kusan santimita 40, fanka tana juyawa a hankali, kwamfuta tana caji. Ba mu sayi komai ba. Ta matso zuwa santimita 10, wato ta raba nisan biyu har sau biyu, muryar ta ƙaru da 12 ta koma -8. Ta kashe fanka ta zare caja, shirun ya sauka zuwa -62. Tazarar da take 35 ta zama 54. Katifa da wadirob kuma suka ɗauke amon ɗakin, wanda shi ba ya bayyana a waɗannan lambobi, kunne ne ke shaida shi. Da aka ɗaga muryar zuwa -3 a wannan karon, ƙarin 5 kawai aka yi, shirun ya tsaya a -57, saura ƙiris.

Wannan ƙiris ɗin ne aikin manhaja, kuma iyakar aikinta ke nan. Kafin a fara magana ana barin daƙiƙa goma na shiru, mutum yana zaune bai motsa ba. Da farko aka sa High-Pass Filter a kan 80 Hz, wanda ke yanke gurnanin da ke ƙasa da muryar mutum, irin na mota mai wucewa da na wutar lantarki. Sannan aka zaɓi shirun nan na daƙiƙa goma, aka shiga Noise Reduction aka danna Get Noise Profile don manhajar ta san kamannin hayaniyar, aka dawo aka zaɓi sautin duka aka rage 6 kacal. Daga ƙarshe aka yi Normalize zuwa -3. Shirun ya faɗa ƙasa da -60.

Na ce 6 kacal da gangan. Jarabar sabon shiga ita ce ya ja ragin hayaniya zuwa 20 ko 30 don ya ji shiru tsit, kuma zai ji shi, amma muryar za ta koma kamar ta mai magana a ƙarƙashin ruwa. A Hausa asarar ta fi haka. Bambancin “ƙ” da “k”, ko “ts” da “s”, yana rataye ne a kan wani ɗan kaifi mai saurin wucewa a farkon harafin, kuma tacewa mai tsanani tana iya goge shi. Idan “ƙafa” ta fara kama da “kafa”, ko “ƙara” da “kara”, an yi gyaran gangar auzinawa. Wanda ya haɗa manhajar bai san da waɗannan haruffa ba, mai karatu ne zai tsare su da kunnensa.

Sauran abin da muka tarar a aikin nata ba na na'ura ba ne. An rubuta sanarwar ne da Turanci aka fassara, kuma kamar yadda aka saba, Hausar ta fi asalin tsawo. Kalmomi kusan 190 aka ba ta ta cusa a minti ɗaya, alhali karatun sanarwa mai natsuwa ba ya ɗaukar fiye da 140 zuwa 150. Ta yi ta gudu har numfashinta yana fita a fili. Abin da ya dace shi ne a karanta rubutun da agogo tun kafin a kunna makirufo, in ya yi yawa a koma wa mai aiki da shawarar abin da za a rage, a rubuce, ya amince. Ba a rage kalma a saƙon lafiya bisa ra'ayin kai, musamman adadin kwanaki da shekarun yara. Sannan ga matsalar da duk mai karanta boko ya sani: rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. A sanarwar akwai “kashi na farko na maganin”. Idan aka ja wasalin farko na “kashi” kaɗan, kalmar ta bar ma'anar rabo ta koma abin da ba a faɗa a rediyo. Mai karatu da ke gudu yana iya faɗawa wannan rami bai sani ba, ma'aikacin ofishin da ya ba da aikin kuma wataƙila ba ya jin Hausa, sai sanarwa ta fita gari ya ɗauka. Ina sa ɗalibaina su bi rubutu da biro su yi wa irin waɗannan kalmomi alama kafin ɗauka. A ganina wannan ne babban jarin Bahaushe mai ilimin harshensa, ya kuma kamata ya sa shi cikin farashi.

Aikawa ma tana da nata tarko. Ana fitar da aikin a matsayin WAV, layi ɗaya, a 44100 Hz idan na rediyo ne, ko 48000 Hz idan za a ɗora shi a bidiyo, sai fa in mai aiki ya nemi wani abu daban. Kada a haɗa da kiɗa in ba a ce a haɗa ba, domin mai haɗa sauti ya fi son murya tsura. A WhatsApp kuma a tura shi ta Document, don ya isa yadda aka fitar da shi. Wanda ya danna alamar saƙon murya ya karanta a ciki, manhajar za ta matse sautin, duk wahalar katifa ta tafi a banza.

To ina aikin yake? Kasuwar muryar Hausa ta fi yawa a gida, kuma ba a shafukan intanet take ba, a hannun mutane take. Tun da Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita a Arewa, kuma kowannensu da talla yake rayuwa. Sai dai gidan rediyo yana da ma'aikatansa masu karanta talla, saboda haka ƙofar da ta fi buɗuwa ita ce ta masu kawo tallar: makarantu masu zaman kansu a lokacin ɗaukar ɗalibai, kamfanonin aikin Hajji da Umara, masu sayar da taki da iri gab da damina. Akwai ƙananan situdiyo da ke haɗa musu tallar, waɗanda kullum suke neman sabuwar murya, musamman ta mata da ta dattawa. Akwai ƙungiyoyin lafiya da na agaji masu buƙatar saƙo da Hausa, akwai masu fassara finafinan Indiya, akwai marubutan da ke son a karanta littattafansu a YouTube. Sannan akwai kamfanonin talla na Legas, waɗanda idan babban kamfani ya ba su aiki sukan buƙaci a yi shi da Hausa da Yarbanci da Ibo. Hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta hana amfani da muryoyin 'yan ƙasar waje a tallan da ake yi wa Nijeriya daga 1 ga Oktoban 2022. Wannan doka ta fi shafar tallan Turanci, amma ta sa kamfanonin sun ƙara mayar da hankali ga tara sunayen masu murya na gida, kuma mai Hausa da ke iya aiko da tsaftataccen sauti daga ɗakinsa cikin sa'o'i kaɗan ya rage musu wahalar neman situdiyo a Kano ko Kaduna.

Duk waɗannan ba takardar digiri suke tambaya ba, samfuri suke so su ji. Samfurin kada ya wuce minti ɗaya, a jera guntaye huɗu ko biyar masu yanayi daban-daban: talla mai zafi, sanarwar lafiya mai natsuwa, labari, da muryar hukuma irin ta na'urar amsa waya. Mafi kyawu shi ne zai zo farko, domin mai saurare yakan yanke hukunci a daƙiƙun farko. Babu gaisuwa, babu gabatar da kai a cikinsa. Wanda ya iya karin harshe fiye da ɗaya ya nuna, saboda saƙon da za a watsa a Sakkwato ko Maraɗi wani lokaci ba a son sa da Kananci.

Shafukan ƙetare irin su Fiverr da Upwork suna kawo aiki jefi-jefi, kuma a can ƙarancin masu Hausa riba ce. Sai dai a shiga da lissafi. Fiverr yana cire kashi 20 cikin ɗari na duk abin da aka biya, yana kuma riƙe kuɗin sabon mai sayarwa kwana 14 kafin a iya cirewa, sannan sai an buɗe asusu irin na Payoneer kafin kuɗin su iso banki. Aikin dala 50, dala 40 ce taka, ita ma ba yau ba.

Wurin da aka fi cutar matasa shi ne ciniki, domin suna zaton minti ɗaya na magana suke sayarwa. Abin da ake saya shi ne izinin amfani da muryar. A ce an yi maka tayin naira dubu 30 a kan talla. Idan a tasha ɗaya za a sa ta na wata guda, wataƙila cinikin ya yi. Idan kuwa a tashoshi goma ne a jihohi biyar har shekara, da talabijin da intanet, to an sayi rumbu da kuɗin mudu. Saboda haka kafin in faɗi farashi nakan tambayi inda za a watsa da tsawon lokacin, in kuma rubuta amsar a cikin saƙon da muka yi yarjejeniya. Nakan rubuta cewa gyara ɗaya kyauta ne idan kuskuren karatu ne, amma idan an canza rubutu bayan an ɗauka, sabon aiki ne. Kalmar “har abada” a takardar yarjejeniya tana da nata farashi daban, domin wanda muryarsa ta zauna a tallar wani banki, da wuya wani bankin ya neme shi.

Ga wanda ban taɓa aiki da shi ba, rabin kuɗi ne kafin in kunna makirufo. Idan na gama nakan aika samfurin MP3 mara nauyi wanda aka sa wa ɗan ƙaramin sauti yana katse shi lokaci-lokaci, ya isa a saurara a amince amma ba ya watsuwa, cikakken WAV kuma ya biyo bayan cikon kuɗi. Na san matasa da dama da suka ji muryarsu a rediyo mako bayan mako suna jiran alkawarin “za a tura”. Ɗalibar tawa an karɓi aikinta na biyu, kuma bayan makonni aka dawo a canza jimla ɗaya saboda an ɗage ranar fara rabon maganin. Da yake ta ɗauki hoton yadda ta jera katifa da makirufo, ta kuma rubuta inda ta tsayar da ƙarfin ɗauka, sabuwar jimlar ta zauna cikin tsohon karatun ba a gane wurin ɗinkin ba. Ta caji kuɗin wannan jimla daban, kamar yadda aka rubuta tun farko.